Yadda na rubuta labarin manoma biyu da ruwan shuka

A ajinmu na koyon rubuta ƙagaggun labarai an ba mu aiki: gajeren labari, kada ya wuce kalma 1,500, a kan manoma biyu da suka lura cewa ruwan sama ya canja. Malamin ya gindaya sharaɗi ɗaya, cewa kada marubuci ya tsoma bakinsa ya yi bayani, mutanen cikin labarin su gano abin da kansu. Sharaɗin nan shi ne ya fi cin lokacina. In ka zaunar da mutum biyu a inuwa suna cewa ruwan yanzu ba kamar na da ba ne, ka rubuta hira, kuma mai karatu ya san ƙarshenta tun daga layin farko. Labari yana bukatar ranar da mutum zai yanke shawara, ya yi asara in ya kuskure. Don haka tambayar da na fara yi wa kaina ita ce: a wace rana ce canjin ruwa yake tsare manomi a bakin gonarsa, ya ce masa sai ka zaɓa?

Kafin in rubuta jimla ko ɗaya na zauna da manoma, dattawa da masu matsakaicin shekaru. Da gangan na ƙi tambayarsu ko yanayi ya canja, domin tambaya ce mai jawo amsarta, kowa zai ce maka ƙwarai kuwa. Na riƙa tambayarsu sau nawa suka yi shuka bara, me suke dubawa kafin su ɗauki sungumi, da kuma abin da suke yi in tsiro ya fito ruwa ya ɗauke. Abin da na lura shi ne babu wanda ya yi mini maganar jimillar ruwan shekara. Maganarsu duka a kan tazara take: kwana nawa tsakanin ruwan farko da na biyu, ruwan ya shiga ƙasa ko ya bi ta kanta ya wuce, ya ɗauke kafin hatsi ya cika ido ko bayan ya cika. Daga nan na san ranar labarina ita ce ranar shuka.

Sai na koma karatu, don in ga yadda masana aikin gona suke tantance faɗuwar damina. Akwai wata ƙa'ida da masanin yanayin noma M. V. K. Sivakumar ya wallafa a 1988, wadda har yanzu ake amfani da ita a wuraren da ake noman gero da ruwan sama. Ta ce damina ta fara ne idan an sami ruwa aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan a cikin kwana 30 da suka biyo baya ba a yi fiye da kwana bakwai a jere babu ruwa ba. Na daɗe ina kallon wannan ƙa'ida. Rabinta na farko manomi zai iya tabbatar da shi da hannunsa washegarin ruwa. Rabinta na biyu kuwa babu mai saninsa sai bayan wata guda ya wuce. Masani yana zaune da takardun shekara gaba ɗaya, ya waiwaya baya ya ce ran kaza damina ta faɗi. Manomi yana tsaye a gona da iri a hannu, kuma dole ya yanke hukunci da rabin ƙa'ida. In ya shuka aka yi fari, tsiro ya ƙone. In ya jira kuma ashe wannan ruwan shi ne na gaskiya, ya rasa kwanakin da ba za su dawo ba, ciyawa kuma ta riga shukarsa fitowa. Wannan tsaka mai wuya ita ce ƙashin bayan labarin, kuma duk abin da na rubuta daga baya a kanta ya rataya.

Milimita ba ma'aunin da zan sa a bakin manomana ba ne, amma ni marubucin dole in san abin da take nufi a cikin ƙasa. Milimita ɗaya ta ruwan sama daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Ruwan milimita 20 idan ya sauka a busasshiyar ƙasar jigawa yakan jiƙa zurfin da bai wuce kimanin taƙi ɗaya ba, a ƙarƙashinsa kuma ƙasa na nan a bushe. A zafin ƙarshen bazara saman ƙasar kan bushe cikin 'yan kwanaki, kuma rairayi da tsakar rana zafinsa na iya haura digiri 50. Gero yakan tsiro cikin kwana uku zuwa huɗu, saiwarsa tana bin danshi ƙasa. In ta kai inda danshin ya tsaya, ba ta da wurin zuwa. Wannan ya bayyana mini abin da wani dattijo ya gaya mini, cewa shi ba ya shuka sai ya tona da hannu ya ga laimar ta zarce tsawon tafinsa da kyau. Abin da masani ke aunawa da kwalbar awon ruwa shi ne dattijon ke aunawa da yatsunsa.

Da na sami wannan, sai na zana wa labarin kalandar ruwa a takarda daban. Ƙirƙirarta na yi, ba bayanan wani wuri ba ne, kuma ko lamba ɗaya daga cikinta ba ta shiga labarin ba. Amfaninta shi ne ta hana ni yin ƙarya a kan lokaci. A rana ta 1 an yi ruwa milimita 22 da yamma. A rana ta 6 an yi yayyafi na milimita 3, wanda ya kwantar da ƙura kawai. Daga rana ta 7 zuwa ta 23 babu ko ɗigo, kwana 17 ke nan. A daren rana ta 24 aka sheƙa milimita 70 cikin awa biyu. Na kuma rubuta a gefe cewa a 'yan shekarun nan, a duniyar labarin, ruwa yakan ɗauke wajen rana ta 115 in an ƙirga daga ruwan farko. Duk lokacin da na zo rubuta wata fitowa sai in duba takardar nan tukuna: yau rana ta nawa ce, ganye nawa tsiron yake da shi, ƙasa ta bushe zuwa ina. Mai karatun da ya taɓa riƙe fartanya zai gane nan take in ka sa gero ya kai gwiwa cikin kwana goma, kuma daga nan ba zai ƙara yarda da kai ba.

Manoman biyu na yi su kawu da ɗan ƙanwarsa, gonakinsu na haɗe, iyaka ɗaya ce ta raba su. Ban ba su suna ba. Yaron, wanda shi ma magidanci ne ya doshi arba'in, yana ce masa Kawu, shi kuma yana ce masa ɗana. Na zaɓi dangantakar nan saboda ta hana su yin musu a fili. Ƙarami ba zai ce wa babba ka yi kuskure ba, babba kuma ba zai ce na ruɗe ba, saboda haka duk saɓaninsu sai ya koma cikin aiki: wa ya fita da sungumi, wa ya zauna. Abin da na fi kiyayewa shi ne kada ɗaya ya zama mai gaskiya ɗaya ya zama wawa. Labaran irin wannan sukan faɗa ɗayan ramuka biyu, ko dai tsoho mai hikima da yaro mai gaggawa, ko yaro mai wayewa da tsoho mai taurin kai. Duka biyun rashin adalci ne ga manoma, kuma ba su dace da abin da na ji daga bakinsu ba.

Abin da ya raba su shi ne iri. Kawu yana da geron da ya gada, mai dogon zango, wanda sai ya yi kamar kwana 120 kafin ya nuna. Yaron ya samo sabon iri mai saurin nuna, na kwana 90, kuma ɗan kaɗan ya samu. Wannan ƙarancin na sa shi ne bisa lissafi. Irin gero ba shi da yawa a awo, kilo uku zuwa biyar kan ishi hekta guda in ana shukar rami, don haka manomin da ke da dami a rumbu ba zai rasa irin sake shuka ba. In ina so asarar shukar farko ta yi ciwo, dole irin ya kasance wanda ba a iya ɗebowa daga rumbu. Yaron ya shuka kashi biyu cikin uku na abin da yake da shi a rana ta 2. Kawu ya tona, ya ga laimar ba ta kai masa ba, ya koma gida.

Ga yadda fitowar farko ta tsaya bayan gyara:

Yaron na gaba yana sara, matarsa na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Kawu ya tsuguna a kan iyaka ya cusa hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ya fito da ita ya murza. Ta saman ta dunƙule, ta ƙasan ta zube ta tsakanin yatsunsa.

"Sannu da aiki, ɗana."

"Yawwa, Kawu. Ba a fito da sungumi ba?"

"Ƙotarsa ta yi sako-sako. Sai na gyara."

Yaron ya san ƙotar lafiyarta lau, don shi ya ɗaura ta da hannunsa kafin sharar gona. Ya ce, "Allah ya sa a gyara da wuri," ya ci gaba da sara.

Babu wanda ya ambaci ruwa a wannan wurin, kuma haka na so. Ƙotar sungumi ce ta ɗauki maganar da ba za su iya faɗa wa juna ba.

Kwana 17 na fari su ne tsakiyar labarin, kuma a nan na fi daɗewa, domin mutuwar tsiro tana da matakai da ya kamata a bi su daidai. Da farko ganyen yakan nannaɗe da tsakar rana, in yamma ta yi ya buɗe. Wannan ba abin tsoro ba ne tukuna, tsiron na tattalin ruwansa ne. Alamar da ke tayar da hankali ita ce ranar da aka zo da sassafe aka tarar ganyen bai buɗe ba duk da sanyin dare. Daga nan korensa ya dusashe ya koma toka-toka, bakin ganyen ya bushe, iska kuma ta riƙa kwaso rairayi tana gogar abin da ya saura. Na sa yaron yana zuwa gona kullum da asuba, ba don akwai aiki ba, don kawai ya ga ko sun buɗe. Na kuma kiyaye cewa gona ba ta mutuwa gaba ɗaya lokaci guda. Gefen tudu ya fara ƙonewa, gefen gangare inda laima ke taruwa ya jure. Gero tsiro ne mai juriya, in na kashe gonar kaf a kwana goma na yi masa ƙazafi. A rana ta 20 ta kalandata, yaron ya bi layi yana ƙirga ramukan da ke da rai, sai ya daina ƙirgawa da ya kai tsakiyar tudu. Kawu na kallonsa daga tasa gonar wadda ko sara ba a yi ba, bai ce komai ba, sai da yamma ya aika jikarsa ta kai wa yaron igiyar da ya ara tun bara. Wannan ita ce jajensa.

A nan ne wata matsala ta gaskiya ta taso mini, wadda ta fi ta fasaha nauyi. Fari a farkon damina ba sabon abu ba ne. Kakanni sun gan shi, kuma damina ɗaya mai wuya ba ta isa a ce ruwa ya canja ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya tana ɗaukar shekara 30 kafin ta fitar da abin da take kira yanayin wuri na yau da kullum, kuma zangon da ake aiki da shi yanzu shi ne 1991 zuwa 2020. To, yaya labarin da ke faruwa cikin kwana 25 zai ɗauki nauyin shekara 30 ba tare da wani ya tsaya ya yi jawabi ba? Na nemi abubuwan da suke tara shekaru a jikinsu, na sami biyu.

Na farko shi ne ajiyar iri. Mahaifin Kawu ƙwarya ɗaya yake warewa, don shuka ɗaya yake yi, in ta yi yawa ya cike gurbi. Kawu yanzu ƙwarya uku yake warewa, kuma bai taɓa zama ya yanke shawarar haka ba. Wata shekara ya ƙara ta biyu saboda tsoro, wata shekara ya ƙara ta uku, har abin ya zame masa jiki. A labarin jikarsa ce ta tambaye shi don me ƙorai uku alhali gona ɗaya ce, shi kuma ya buɗe baki zai amsa ya rasa shekarar da abin ya fara. Na biyu shi ne kwarin da ke bin iyakarsu. Lokacin da yaron yake ƙarami tsallake shi yake yi da ƙafa ɗaya. Yanzu sai an zagaya da jaki, saiwoyin bishiyar da ke bakinsa kuma suna waje.

Ban so kuma labarin ya ɗauki tunanin tsoho a matsayin hujja mara tangarɗa ba. Kowa yakan tuna daminar ƙuruciyarsa a matsayin mai tsari, domin yaro ba shi ne ke kwana da fargabar iri ba. Saboda haka na sa mahaifiyar yaron, ƙanwar Kawu, ta yi magana sau ɗaya tak a labarin. Da ta ji yana cewa a zamanin mahaifinsu in shamuwa ta iso ruwa ba ya saɓa alkawari, sai ta ce, "Yaya, ka manta shekarar da Baba ya sayar da sa?" Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "Wancan babu ruwan ne gaba ɗaya. Wannan akwai shi, zuwansa ne ban gane ba." Wannan amsar ita ce jimlar da na fi sake rubutawa, domin a cikinta bambancin yake. Abin da Kawu ya lura da shi ba ƙarancin ruwa ba ne kawai. Tafki na cika, wani lokaci ma a dare ɗaya. Rabon ruwan ne ya sauya.

Ruwan rana ta 24 na rubuta shi da sanin abin da masana suka tabbatar. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana sa iska ta iya riƙe tururin ruwa da ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100. Rahoton kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce zafin duniya a shekarun 2011 zuwa 2020 ya ɗara na 1850 zuwa 1900 da kusan digiri 1.1, kuma ruwa mai ƙarfi ya ƙaru a yawa da tsanani tun daga shekarun 1950 a mafi yawan yankunan da ake da isassun bayanai. Jimillar ruwan shekara kuwa ba hanya ɗaya ta bi ko'ina ba, wasu wurare ta ƙaru, wasu ta ragu. Shi ya sa na ƙi sa manomana su ce ruwa ya ragu. Abin da gona ke ji shi ne, ruwan da a da zai zo kashi uku cikin mako biyu, kowanne ya nutse, yanzu yana iya zuwa a dare guda. Manyan ɗigo suna dukan ƙasar da babu ganye a kanta, su toshe ƙofofinta, ta yi ɓawo, sauran ruwan ya bi gangare ya tafi da taki da ƙasar sama. Kwalbar awo za ta nuna milimita 70, amma abin da saiwa za ta samu bai kai haka ba. A labarin babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma. Akwai dai Kawu da safe, yana tsaye yana kallon takin da ya kwashe rani yana kaiwa da jaki, ya taru a gindin kwari a gonar wani.

Na yi tunanin shigo da rediyo ko malamin gona ya faɗi dalilin duk wannan, sai na ga hakan dabara ce ta kauce wa sharaɗin malaminmu, marubuci ne zai yi bayani da bakin aro. Na bar su a waje. Kalmomin sauyin yanayi ma ba su fito a labarin ba ko sau ɗaya.

Fitowar ƙarshe daga lissafin kalanda ta fito, ban ƙaƙaba ta ba. Kawu ya yi daidai da ya jira, amma jiran ya kai shi rana ta 25. Geronsa na bukatar kwana 120, watau sai rana ta 145 zai nuna. Ko an cire makonni biyun ƙarshe da hatsi kan ƙarasa da laimar da ke cikin ƙasa, yana bukatar ruwa har wajen rana ta 130, alhali ruwan yakan ɗauke wajen ta 115. Ruwa zai yanke masa daidai lokacin da zangarniya ke cika ido, lokacin da fari ya fi yi wa hatsi ɓarna bayan na bununi. Irin yaron kuwa, in aka shuka shi a rana ta 25, zai nuna a ta 115. Wanda ya yi haƙuri yana da iri cike da ƙorai uku amma mai jinkirin nuna ne. Wanda ke da iri mai sauri ya ƙone kashi biyu cikin uku nasa. Kowannensu na riƙe da abin da ɗayan ke bukata, kuma mai wuyar ita ce babba ya roƙi ƙarami.

"Ɗana, wannan geron naka, wata nawa ka ce?"

"Uku, Kawu."

"Uku cif?"

"Haka suka ce. Ban gani da idona ba tukuna."

Kawu ya dubi gabas, ya dubi ƙwaryar da ke hannun yaron. "Gefen tudun nan nawa ba ya riƙe laima. Da za a gwada masa layi goma."

Yaron ya leƙa cikin ƙwaryar. Abin da ya saura ko tasa gonar ba zai cike ba. Ya tsuguna, ya shimfiɗa hularsa a ƙasa, ya fara rabawa.

"In ka gama," in ji Kawu, "ka zo ka ɗebi nawa ka zuba a gangarenka. Can ruwa na daɗewa."

Shawarar Kawu ta ƙarshe ma ta aikin gona ce ta gaske: iri mai sauri a tudun da ke saurin bushewa, mai dogon zango a gangaren da ke riƙe laima, don in ɗaya ya faɗi ɗaya ya tashi. Manoma da yawa haka suke raba hatsarinsu.

Daftarin ya zarce iyakar kalmomi sosai, don haka na zauna yanka. Bayanin hadari da walƙiya shi ya fara tafiya, domin kowa ya san yadda hadari ke haɗuwa, kuma shafi guda na gajimare bai ƙara wa shawarar shuka komai ba. Na cire duk wurin da na rubuta cewa wani ya ji baƙin ciki ko ya damu, na bar abin da hannunsa ya yi. Sai na karanta hirarrakin da ƙarfi. Duk jimlar da na ji numfashina ya ƙare kafin ta ƙare, na san manomi a tsakiyar aiki ba zai faɗe ta ba, na datse ta. Daga nan na karanta wa ɗaya daga cikin dattawan da na fara zama da su. Bai ce komai a kan daɗin labarin ba. Ya tsayar da ni a wurin yayyafin rana ta 6, ya ce irin wannan yayyafin ya fi rashinsa sharri ga wanda ya yi binne, domin yakan ta da ƙwayar ta kumbura sannan ta ruɓe ko ta bushe a rami. Na ƙara jimla ɗaya a kan wani maƙwabcinsu da ya yi binne dab da wannan yayyafin, wanda Kawu ya ambata a wucewa.

A aji, bayan na karanta, muhawarar ta tsaya a kan inda na datse labarin. Da yawa sun so in kai su kaka, su ga dami nawa kowa ya ɗaure, su san wa ya yi daidai. Wata ɗaliba ta ce an bar ta a rataye. Na fahimci ƙorafinta, amma ban ƙara fitowar girbi ba, kuma malamin bai nemi in ƙara ba. In na nuna girbi, mai karatu zai koma baya ya yanke wa ɗayansu hukunci da ilimin da su ba su da shi a ranar da suka raba irin, kamar yadda mai takardun shekara yake waiwaye. A safiyar rana ta 25 Kawu da ɗansa ba su san ko ruwan daren jiya shi ne faɗuwar damina ba, ko kuwa wani farin na tafe. Bisa ƙa'idar da na gina labarin a kanta, babu wanda zai iya sani sai wajen rana ta 54, kuma kafin nan irin da ke cikin hular ya riga ya shiga ƙasa.